Sabon Haraji, Fusatattun Jama'a: Abin da Mai Buɗe Taro Zai Faɗa Tun Farko

Duk wanda aka ɗora wa nauyin buɗe taron gari a kan sabon haraji, ya kwana da sanin cewa mutanen da zai tarar zaune sun riga shi fara taron. Sun fara shi tun ranar da labarin ya ɓulla, a teburin mai shayi da majalisar bayan la'asar da tashar 'yan acaɓa da gidajen suna. Kafin ya ɗauki makirfo, adadin kuɗin ya ninka a bakin mutane, an ambaci wanda zai cinye su, har an faɗi motar da zai saya. Jama'ar da suka zo da wannan a ransu tambaya ɗaya suke yi a mintocin farko: wannan mutumin zai faɗa mana gaskiya, ko zai yi mana wayo? Har sai sun sami amsa, duk wata hujja da zai kawo ba ta shiga kunnensu, komai kyawunta.

Akwai dalilin da ya sa kalmar haraji take da nauyi a ƙasar Hausa. Dattawan da suka ga zamanin En'e suna ba da labarin yadda ake bin magidanci da kuɗin haraji ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba, yadda ake shanya wanda ya kasa biya a rana a ƙofar gidan dagaci, da yadda wasu kan sayar da hatsin ci ko su bar gari gaba ɗaya. Makiyaya kuwa suna da jangali. Yaƙi da wannan yana cikin abin da ya tara wa jam'iyyar Malam Aminu Kano talakawa, kuma shi ya sa da Muhammadu Abubakar Rimi a Kano da Abdulƙadir Balarabe Musa a Kaduna suka hau mulki a 1979, suka soke haraji da jangali. Har yau ana sa musu albarka saboda hakan. To wanda ya tashi yau zai sanar da sabon kuɗi, ko da na kwashe shara ne, a kan wannan tabon yake taka ƙafa. Ga kuma halin da ake ciki. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na abinci suka tashi, kuma mutane suna jin labarin cewa kason da gwamnatoci ke rabawa duk wata ya ƙaru. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Ɗan kasuwar ƙauye yana sauraron rediyo, ya san duk wannan. Zai zo taro da tambayar a aljihu: ina na Abuja, da za a zo neman nawa?

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi daki-daki, don magana ba ta zama a sarari sai da adadi. A ce wata kasuwar mako ce, mai ci ranar Laraba, da rumfuna 500 da masu kasa kaya a faranti ko a ƙasa kimanin 200, galibinsu mata da yara. Ƙaramar hukuma ta yanke a riƙa karɓar kuɗin tsafta duk ranar kasuwa: naira 200 daga mai rumfa, naira 100 daga mai faranti. Rumfuna za su ba da naira 100,000, faranti 20,000, jimla 120,000 a mako. A lissafin hukuma, 50,000 za su tafi ga masu shara mutum goma, kowa 5,000. Wasu 50,000 kuɗin tifa sawu biyu. Ragowar 20,000 na yashe lambatun da ke cika kasuwar da ruwa duk damina. Lissafi ne mai ma'ana, kuma kundin tsarin mulkin 1999 ya sa kula da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da kwashe shara cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Sai dai 'yan kasuwar sun riga suna biyan kuɗin rumfa, suna biyan kuɗin masu gadi, mai lodi yana yankar tikiti a ƙofa. Kuma shekara uku da suka wuce an tara kuɗin gyaran banɗaki, banɗakin yana nan yadda yake.

Ga yadda aka saba buɗe irin wannan taro. An kira mutane ƙarfe goma, manyan baƙi ba su iso ba sai sha biyu saura. Mutane sun rufe rumfuna, sun bar ciniki, rabinsu na tsaye a rana domin kujerun roba sun ƙare, inuwar kuwa ta manya ce. Motar 'yan sanda biyu tana fake a bakin ƙofa. Sanƙira ya karɓi lasifika ya shiga jero sunaye da muƙamai, kowane da kirarinsa, maroƙi yana amsawa. Sannan ciyaman ya miƙe ya kwashe minti ashirin yana lissafa rijiyoyin burtsatse da ajujuwan da gwamnatinsa ta gina. Sai can wajen ƙarshe ya ce hukuma ta ɓullo da wani sabon tsari na inganta hanyoyin samun kuɗin shiga, kuma tana fatan samun haɗin kan al'umma da ɗan tallafin da bai taka kara ya karya ba. Bai ambaci adadi ba. Kafin ya zauna wani ya ɗaga murya daga baya ya ce, "Nawa ne? Ka faɗa mana nawa ne!" Daga nan taro ya fita daga hannunsa.

Kowane mataki a nan ya faɗa wa jama'a wani abu tun ba a zo kan batu ba. Jinkirin ya ce musu lokacinsu ba shi da daraja, alhali cinikin awa biyu a ranar kasuwa ya fi kuɗin da ake neman karɓa. Motocin 'yan sanda sun ce musu an ɗauke su masu laifi. Jerin ayyukan ya yi kama da shimfiɗar da mai neman bashi yake yi, kowa ya san inda za a ƙare, sai jira ya zama fushi. Amma mafi muni shi ne sauya wa abu suna. Mutum ya zo saboda haraji, ka ce masa tallafi ko gudummawa, alhali in bai biya ba za a ɗauke masa sikeli. Nan take zai gane cewa kana tsoron kalmar, kuma wanda ke tsoron faɗin sunan abu akwai abin da yake ɓoyewa. Haka nan cewa kuɗin bai taka kara ya karya ba: wanda ya sauko daga mota mai sanyi ba shi ne zai auna wa mai sayar da yakuwa nauyin naira 100 ba. In jarinta duka 3,000 ne, ribarta ta yini ba ta wuce 600 ba, to kashi ɗaya cikin shida na abincin gidanta ake magana a kai.

Aikin buɗe taro yana farawa kwanaki kafin ranar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai jawabi ya zauna da sarkin kasuwa da sarkin pawa da shugabar mata masu abinci da shugaban 'yan lodi, kowa shi kaɗai, ya saurara. Ba don ya saye su ba, domin ranar da jama'a suka ji ƙamshin an ba shugabanninsu wani abu, sun rasa masu magana da yawunsu, kai ma ka rasa wanda za ka yi sulhu da shi. Abin da ake nema shi ne a ji ƙorafin da kalmominsa na asali. A irin wannan zama ne zai gano cewa abin da ya fi ci wa mahauta rai ba naira 200 ba ne, samarin da ake turowa karɓar kuɗi ne, masu zagin sa'an ubansu kuma ba su ba da rasit. Zai gano cewa a gari ana cewa 500 ne. Zai kuma gano cewa maganar banɗaki ba ta mutu ba.

Sannan ya koma ofis ya tsayar da abu ɗaya da abokan aikinsa, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan taron duka: mene ne aka riga aka yanke, mene ne kuma har yanzu ake iya sauyawa? In kansiloli sun zartar da dokar, an sa hannu, to karɓar kuɗin ba abin shawara ba ne, kuma zalunci ne a tara mutane da sunan jin ra'ayi a kan abin da aka gama. Amma kusan kullum akwai abin da ya rage a buɗe: ranar farawa, wa za a yafe wa, wa zai karɓa, a ina za a ajiye kuɗin, wa zai duba lissafi. Mai jawabi ya tabbatar yana da izinin sassauci a kan waɗannan kafin ya tsaya gaban mutane. Wanda ya zo taro ba shi da abin da zai iya bayarwa ko ɗaya, sanarwa ya zo yi, gara ya kira ta da sunanta.

Wurin zama ma yana magana. A kafa rumfa ta wadaci kowa, ko manya su shiga rana tare da jama'a. A rage teburin manya, a sa shugabannin kasuwa a cikinsa. Jami'an tsaro su kasance, don ba a san abin da zai faru ba, amma kaɗan kuma daga nesa. A ba maroƙa haƙuri ranar. A fara a kan lokaci ko da wani babba bai iso ba. Addu'a kuwa ba a barinta, sai dai a roƙi liman ya tsaya kan neman zaman lafiya da dacewa. In ya zarce da wa'azin biyayya ga shugabanni, jama'a za su ga an yi garkuwa da addini, a zubar wa malamin da mutunci a banza, kuma gobe in rikici ya tashi babu mai shiga tsakani.

Gaisuwa wajibi ce. Bahaushe ba ya jin maganar wanda bai yi sallama ba, kuma tsallake hakimi a gabansa raini ne da talakawansa ma ba za su so ba. Amma minti ɗaya ya isa. Ga irin abin da ciyaman ɗin misalinmu zai iya faɗa:

"Assalamu alaikum. Allah ya taimaki Hakimi. Malam Liman, Sarkin Kasuwa, iyayena maza da mata, yayyena da ƙannena, ina gaishe ku, kuma na san kun bar ciniki kuka zo, don haka ba zan ja ku da nisa ba. Maganar sabon kuɗin tsafta ce ta tara mu. Naira 200 ne ga mai rumfa, naira 100 ga mai faranti, duk ranar Laraba. Na ji ana cewa 500, ba haka ba ne. Ni na kai maganar gaban kansiloli, ni na sa hannu, don haka wanda ke da fushi ni zai yi wa, kada ya yi wa yaran da aka aiko. Na san kuna biyan kuɗin rumfa da na gadi. Na san an karɓi kuɗin banɗaki shekara uku da suka wuce, ga shi can ba a gyara ba, kuma wanda aka yi wa haka yana da gaskiya in ya ƙi yarda da mu yau. Abin da aka riga aka yanke shi ne za a karɓi kuɗin tsafta, ba zan ce muku ana shawara a kai ba. Abin da ba a yanke ba uku ne: ko masu faranti za su biya, wa zai riƙa karɓa, da ranar da za a fara. Waɗannan a nan za mu tsayar da su tare. Zan yi bayanin inda kuɗin za su tafi cikin minti biyar, sannan in zauna in saurare ku. Ba zan tashi ba sai wanda ke da magana ya faɗe ta, ko da za mu kai azahar."

Wannan jawabi bai kai minti uku ba, kuma babu wata fasahar baki a cikinsa. Ƙarfinsa yana cikin jerin da aka bi. Adadi ya zo da wuri, saboda shi ne abin da kowa ke jira, kuma muddin ba a faɗe shi ba zukata suna can suna jiransa. Faɗinsa ya kashe jita-jitar 500 ba tare da an zargi kowa da ƙarya ba. Sai ɗaukar alhaki. Shugabanni suna son fakewa da "an ce" da "daga sama aka turo", suna ganin hakan zai rage musu zafi. Abin da yake jawowa shi ne jama'a su ce to me muke yi da kai, kira mana wanda ya turo. In da gaske daga jiha umarnin ya zo, a faɗi haka, amma a haɗa da abin da mai magana yake da iko a kai, don mutane su san zamansu da shi yana da amfani.

Wurin da ya fi wuya shi ne ambaton banɗaki. Duk mai ba ciyaman shawara zai ce kada ya tono wannan, ai ba a zamaninsa aka yi ba, ko kuma a zamaninsa aka yi, wanda ya fi muni. Amma maganar tana cikin taron ko ya faɗa ko bai faɗa ba. Akwai wani a layi na huɗu da ya kwana yana shirya ta, yana jiran a ba shi makirfo ya jefa ta a yi sowa. In ciyaman ya riga shi, ya faɗe ta da nauyinta ba tare da ragewa ba, mutumin nan zai gyaɗa kai, na kusa da shi su dube shi. Wannan gyaɗa kan shi ne abu na farko da ake nema a irin wannan taro. Sharaɗin dai shi ne kada a biyo da "amma". Wanda ya ce na san an cuce ku amma ku ma ba ku kyauta ba, ya kwashe abin da ya zuba. A faɗi laifin, a yi shiru na ɗan numfashi, a wuce. In akwai bayanin inda kuɗin banɗakin suka shiga, a yi alkawarin kawo shi da rana tsayayya. In babu, kada a ƙirƙira.

Akwai kalmomin da ya kamata mai jawabi ya kiyayi bakinsa da su a farko. "Ku kwantar da hankalinku" tana ƙara tunzura mai fushi, don tana nuna fushin ne matsalar. "Wasu ne ke zuga ku" tana nufin ba su da hankalin kansu. "Ba ku fahimta ba ne" ita ma haka, ga shi kuwa ɗan kasuwa ya fi ma'aikacin ofis iya lissafin naira 200 sau 52. "A wasu garuruwa ma sun fi haka biya" gaskiya ce wataƙila, amma lokacinta bai yi ba. Ambaton doka da tara da kotu a mintocin farko kuwa barazana ce, ko da murmushi aka faɗe ta. Haka barkwanci: wanda ya saba buɗe taron siyasa da ban dariya ya ajiye shi ranar, domin mai jin an taɓa masa aljihu yana ɗaukar dariyar a kansa ake yi.

Bayanin minti biyar ɗin ya zama da lissafin da mutum zai iya riƙewa a ka. Masu shara goma, tifa sawu biyu, lambatu. In an rubuta a allo ko babbar takarda an kafa inda kowa zai gani, ya fi. Kuma a nan ne tambayar kuɗin Abuja za ta taso, don haka gara a zo da amsarta: nawa ya shigo watan jiya, nawa ya tafi albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya da sauran ma'aikata, nawa ya rage. Wanda ba zai iya faɗin wannan a bainar jama'a ba, ya sani cewa rabin taron ba zai gamsu ba, kuma suna da hujja.

Sai a ba da makirfo, kuma wanda aka fara ba shi yana da muhimmanci. Dabarar da aka saba ita ce a shirya wani na hannun dama ya tashi ya yi godiya ya ce sun amince. A gari kowa ya san kowa. Kafin ya rufe baki an san wanda ya aiko shi, kuma duk abin da jawabin farko ya gina ya rushe. A fara da wanda aka san yana adawa kuma ana ganin girmansa. A ce, "Baba, kai ka fi daɗewa a kasuwar nan, bisimilla." Ya yi maganarsa har ƙarshe, ciyaman yana zaune yana rubutawa da hannunsa, ba ya duba waya, ba ya raɗa da na kusa. In ya gama, a maimaita abin da ya faɗa a taƙaice, a tambaye shi ko haka yake nufi, sannan a amsa. Mata kuma sai an nemo su da gangan. A yawancin garuruwanmu suna zaune gefe ko baya, ba za su yi rige-rigen makirfo da maza ba, ga shi kuɗin faranti su ya fi shafa. A kai musu makirfo inda suke, ko a ce shugabarsu ta yi magana ta biyu.

A ce shugabar ta ce, "Ranka ya daɗe, yarinyar da ta ɗauko gyaɗar 1,500 ita ma sai ta ba da ɗari?" A nan amfanin shirin da aka yi a ofis yake fitowa. Ciyaman zai iya cewa in an yafe wa masu faranti za a rasa 20,000 a mako, wato kuɗin lambatu, sannan ya mayar wa jama'a: a yafe musu a nemi na lambatu a wani wuri, ko masu rumfa su ƙara naira 40 kowa, ko ƙungiyar kasuwa ta ɗauki yashe lambatun da aikin gayya sau biyu a shekara? Da zarar mahauci ya juya yana gardama da ɗan tireda a kan wanne ya fi, taron ya sauya. Ba a daina fushi ba, amma an koma neman mafita.

Mai jawabi ya iya karanta taronsa. Gunaguni da ɗaga murya ba su ne alamar lalacewa ba. Mutanen da ke jefo tambaya, ko da ihu ne, har yanzu suna tare da kai. In wani ya katse ka, ka tsaya, ka dube shi, ka amsa a gajarce in tambaya ce, ko ka ce shi ne zai yi magana ta uku, kuma ka cika. Kada ka yi gasar murya da taro don kana da lasifika. Abin tsoro shi ne shirun da dattawa suka sunkuyar da kai suna jan carbi, ba mai kallonka. Ko ka ga na baya suna sulalewa uku-uku. Ko amsar ta zama "to, Allah ya kyauta" da "duk yadda kuka yi daidai ne". Wanda bai san mutanenmu ba zai koma ofis ya ce an amince. Ranar Laraba zai ga amsar, lokacin da masu hatsi suka juya motocinsu zuwa kasuwar maƙwabta. In kuwa samari suka fara amsa kalma ɗaya tare, suna matsowa gaba, lokacin hujja ya wuce. A miƙa wa hakimi ko liman, a ɗage zama zuwa rana sananniya, kada a bari sai an fara jifa.

Ya kamata a san iyakar wannan duka. Kyakkyawar buɗewa tana sa a saurare ka, ba ta mayar da mummunan haraji mai kyau. Abin da ya faru a Ghana ya isa misali, kuma 'yan'uwanmu na zango-zango sun gan shi da idonsu, don da yawansu da kuɗin waya suke ciniki. A watan Nuwamban 2021 ministan kuɗi Ken Ofori-Atta ya gabatar da harajin kashi 1.75 cikin 100 a kan tura kuɗi ta waya. Ƙasa ta ɗauki zafi, har 'yan majalisa suka ba hamata iska a zauren majalisa a watan Disamba. Sai a farkon 2022 gwamnati ta fita tarukan gari, ta fara da Koforidua, ta je Takoradi da Tamale da Wa. Ministoci sun yi bayani mai tsawo a kan bashi da hanyoyi da ayyukan matasa. Amma tarukan sun biyo bayan shawarar ne, mutane kuma sun ɗauke su a matsayin tallar abin da aka gama. An rage harajin zuwa kashi 1.5, majalisa ta zartar a ƙarshen Maris bayan 'yan adawa sun fice, aka fara karɓa ranar 1 ga Mayu, 2022. Jama'a suka amsa da aljihunsu: wasu suka kwashe kuɗinsu daga waya, wasu suka koma hannu da hannu. Abin da aka tara ya yi ƙasa ƙwarai da kusan sidi biliyan bakwai da aka yi hasashe da farko. A 2023 aka sake rage shi zuwa kashi 1, soke shi ya zama alkawarin yaƙin zaɓe, kuma a Afrilun 2025 gwamnatin John Mahama ta soke shi.

A kasuwar misalinmu ma haka abin yake. In masu karɓar kuɗin suka ci gaba da zagin mutane, in babu rasit mai lamba, in mako huɗu suka wuce ba a ga tifa ba, to jawabin nan na minti uku zai zama hujja a kan ciyaman, a riƙa maimaita masa kalmominsa ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa alkawarin da za a yi a farkon taro ya zama ƙarami, mai rana, wanda ido zai iya gani. Kafin a watse, sakatare ya karanta abin da aka tsayar da babbar murya: masu faranti an yafe musu, ƙungiyar kasuwa za ta ba da mutum biyu su riƙa karɓa tare da ma'aikacin hukuma, ba rasit ba biya, za a fara bayan an kwashe tsohuwar bolar da ke bakin ƙofar gabas, kuma duk Larabar farkon wata za a manna lissafin abin da ya shiga da abin da ya fita a ofishin sarkin kasuwa. Hakimi da sarkin kasuwa da shugabar mata su sa hannu, kowa ya tafi da kwafi, a kuma faɗi ranar da za a sake zama bayan wata uku don a duba ko an cika.